Naira 216,000 na Baba mai shayi, da saƙon muryar da muka rubuta bayan sun salwanta

1/ Zaren nan yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina jin nauyin ba da labarin, saboda da hannuna dumu-dumu a ciki. Amma bazara ta kusa, lokacin da 'yan ci-rani suka fi aika kuɗi gida ke nan. Gara in faɗa, ko wani zai tsira da guminsa.

2/ A bakin layinmu a Fagge akwai wani mai shayi, mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa a jihar Maraɗi. Tun ina firamare yake zuwa Kano bayan an gama girbi, ya koma idan damina ta kankama. Duk layin Baba muke ce masa. Ni kuma tun da na shiga BUK ya daina kiran sunana, sai dai "ɗan makaranta". Ba shi da asusun banki, wayarsa ƙarama ce mai madannai. Duk abin da ya shafi tura kuɗi, ni ake nema.

3/ A da babu ruwansa da waya. Akwai direban da ya sani mai bin hanyar Katsina, Jibiya, Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Sai ya ƙulle kuɗin a leda ya ba shi, ƙaninsa ya tare shi a tasha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai cikin Maris 2024. A watannin nan ne mutane irin su Baba da yawa suka koma aikawa ta hannun 'yan canji, ko da aka buɗe ma ba su koma wa direbobi ba.

4/ To a nan wani mutum ya shigo. Kullum bayan isha'i zai zo ya sha shayi da burodi, ya biya har ya bar canji. Tsaf-tsaf da shi, hula a karye. Harshensu yake yi sak, ya san ranar da kasuwar su Baba take ci, ya san sunan mai garinsu. Ya ce yana kai kaya Maraɗi daga Kantin Kwari, sefa ta yi masa yawa a can, naira yake nema a nan.

5/ Bari in yi bayani ga wanda bai saba ba. A Nijar sefa 1,000 ita ake kira jaka, su suna cewa jikka. A makon da abin ya faru, farashin da ake ba mu a Wapa naira 2,700 ne kowace jaka. Shi mutumin nan ya ce wa Baba zai ba shi a 2,400, don 'yan uwa ne. Ragin naira 300 ke nan a kan kowace jaka ɗaya.

6/ Baba ba yaro ba ne, sai da ya gwada shi. Karon farko ya ba shi naira 24,000, washegari ƙaninsa ya karɓi jaka 10 cif. Bayan mako biyu ya ba shi 48,000, jaka 20 suka isa ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Daga nan Baba ya saki jiki. Ni ma na saki, har ina cewa a raina Allah ya kawo wa Baba mutumin kirki.

7/ Karo na uku shi ne babba. Naira 216,000, tarin kusan wata huɗu. Rumbun gida ya kusa ƙarewa, yana so a sayi hatsi kafin ya ƙara tsada, a ajiye na iri. A farashin Wapa kuɗin jaka 80 ne. A farashin mutumin, jaka 90. Wannan jaka 10 ɗin da ke tsakani ita ce ƙugiyar da aka kama mu da ita.

8/ Ranar mutumin bai zo ba, waya ya yi. Ya ce yana Jibiya da kaya, a tura masa ta banki, kafin sallar magariba ƙanin Baba zai karɓa. Baba ya miƙo min kuɗin a leda, na je wurin mai POS na zuba a asusuna, na dawo na zauna a bencinsa. Na saka lambar asusun, suna ya fito a allon waya. Ba sunan mutumin ba ne. Ko kama ba su yi ba.

9/ Na ce, "Baba, sunan fa daban ne." Ya kira shi a gabana. Mutumin ya yi dariya ya ce asusun ƙaninsa ne, nasa ya cika ba ya karɓar kuɗi. Baba ya dube ni ya ce, "Tura, ɗan makaranta, na san shi." Wallahi a lokacin raina bai kwanta ba, amma na ji nauyin musu da dattijo a kan kuɗinsa, kuma ina sauri zan tafi karatun jarabawa. Na danna.

10/ Bayan minti ashirin ya turo hoton risit ta WhatsApp a wayata, da tambarin kamfanin aika kuɗi na Nijar, da lambar karɓa, da sunan ƙanin Baba, da 90,000 a rubuce. Muka kira ƙauye muka karanta musu lambar. Washegari ƙanin ya hau babur ya tafi Tasawa. Ma'aikacin ya duba ya ce babu wannan lambar a na'urarsu. Risitin tsoho ne aka goge aka sake rubutu a kai.

11/ Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo. Maimakon in kira bankina a take, sai muka tsaya kiran mutumin. Ya ce matsalar natuwok ce, a jira gobe. Gobe ta yi ya ce an yi masa rasuwa. Jibi waya a kashe. Sai a rana ta uku na je banki. Sun karɓi ƙorafina da mutunci, suka aika wa bankin da kuɗin ya shiga, amsa ta dawo cewa tun a daren farko aka kwashe.

12/ Kwana biyu Baba bai hura wuta ba. Wanda ya san mai shayi ya san abin da wannan ke nufi. Na je na same shi a shagon da suke kwana, na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce, "Kai ka faɗa mini, ni ne ban ji ba. Tashi." Wannan maganar ta fi zagi yi min zafi, don na san faɗa sau ɗaya da sanyin murya ba faɗa ba ne.

13/ Bayan mako guda shi da kansa ya kira ni. Ya ce 'yan yankinsu da ke Fagge da Sabon Gari, masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu gadi, masu wankin takalmi, 'yan dakon kasuwar Singa, suna da zauren WhatsApp, wanda ba shi da babbar waya yana saurara a ta wani. Yana so ya yi musu saƙon murya. "Amma idan na fara magana raina ɓaci yake yi, in rasa kan zance. Ka rubuta mini a jere, ka riƙa karanta mini ina maimaitawa."

14/ Kafin in rubuta komai na ga ya kamata in fahimci yadda kuɗin ke tafiya, don gaskiya ban sani ba. Na je Wapa wurin wani dattijo ɗan canji, abokin mahaifina ne, ya fi shekara ashirin a shago ɗaya. Na ba shi labari. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Ɗana, zauna in nuna maka. Kuɗin nan fa ba ya tsallaka iyaka."

15/ Ga yadda ya bayyana min. Ɗan kasuwa a Maraɗi yana da sefa, yana buƙatar naira ya sayi atamfa a Kwari. Ɗan ci-rani a Kano yana da naira, yana buƙatar sefa a ƙauye. Ɗan canji yana tsakiya. Ya karɓi nairar Baba a nan ya biya wa ɗan kasuwa kaya, abokin hulɗarsa na Maraɗi ya karɓi sefar ɗan kasuwa ya ba iyalin Baba, hannu da hannu ko ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza. Naira tana Kano, sefa tana Nijar, lissafi ne kawai ke yawo.

16/ Sai ya yi min tambayar da ta kashe min jiki. "Wanda yake da sefa, kuma ya san idan ya kawo ta nan Wapa za a saya kusa da 2,700, me zai sa ya sayar wa mai shayi a 2,400?" Ya ce ribarsu a jaka ɗaya 'yar kaɗan ce, yawan ciniki ne ke tara ta. Duk wanda ya rage maka naira 300 a jaka, ba canji yake yi ba, farauta yake yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

17/ Na zauna na yi lissafi. A karo biyun farko mutumin ya biya jaka 30, ya yi asarar 300 sau 30, wato naira 9,000. Da wannan 9,000 ɗin da kuɗin shayi ya sayi amincewar Baba, ya kwashi 216,000. Ashe gwajin da muka yi muna ganin wayo ne, shi a wurinsa jari ne. Ku riƙe wannan: ƙaramin kuɗi ya isa lafiya ba shaida ba ce cewa babba zai isa.

18/ Dattijon bai ɓoye min ɗaya gefen ba. Wannan hanya ta amana ce, ba ta takarda ba. Idan ta lalace, babu ofishin da zai biya ka. A Maris 2024 ma Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a lokaci guda, saboda haka ba kowane mai zama a bakin titi da damin kuɗi ne ke da rajista ba. Abin da ke kare talaka shi ne mutumin yana da shagon da ba zai gudu ya bari ba, da sunan da yake tsoron ɓatawa a cikin 'yan uwansa.

19/ Na koma na rubuta shafi biyu, na sa "na farko", "na biyu" har goma sha biyu, da kalmomi irin na aji. Na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan wa'azin rediyo ne. Kafin ka kai rabi ɗan ga-ruwa ya tura kurarsa ya yi gaba. Kuma ba ka sa asarata ba." Na ce na ɓoye ne don kada a yi masa dariya. Ya ce, "Da ita za a fara. In ba su ji kuɗin ba, ba za su ji maganar ba."

20/ Muka zauna dare uku bayan ya tashi daga shayi. Ina karantawa, yana cewa cire wannan, mu ba haka muke faɗa ba. Duk inda na sa abin da za a kiyaye, sai ya ce in sa abin da mutum zai yi da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa. Ga abin da ya rage a ƙarshe. Shi da harshen garinsu ya faɗa, ni na rubuta da namu na Kano. Wanda yake so ya ɗauka.

21/ "Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai shayin Fagge ne, kun san muryata. An cuce ni naira dubu ɗari biyu da goma sha shida, guminna na wata huɗu. Ba barawon dare ba ne, da hannuna na bayar. Ku ba ni minti kaɗan in gaya muku yadda aka yi, don kada a yi wa wani. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

22/ "Abu na farko, kada ka ba da kuɗi ga wanda lambar waya kawai ka sani. Ka ba wanda yake da shago, wanda ka taɓa zuwa ka same shi a ciki, maƙwabtansa suka san shi shekara da shekaru. Jin harshenmu ba shaida ba ne. Wanda ya cuce ni ya san sunan mai garinmu. Ka tambayi kanka, in kuɗin nan bai isa ba, wace ƙofa zan je in buga gobe da safe? In babu ƙofa, kada ka bayar.

23/ "Na biyu, kafin ka aika, ka tambayi farashin jaka a wuri uku a ranar, don farashi yana motsi. Za ka ga sun yi kusa da juna. Wanda ya zo maka da araha mai nisa da ta kowa, ka gudu. Ni jaka goma na hango, na rasa tamanin. Kuma ko ya aika maka sau biyu lafiya, kada ka ce ka gwada shi. Ni ma na gwada.

24/ "Na uku, a rubuta. Naira nawa ka bayar, sefa nawa za a karɓa, da lamba, da kwanan wata, a littafinsa da takardarka. Kada a tsaya a baki. Kun san mu in mun ce ɗari, dala ɗari muke nufi, sefa ɗari biyar ke nan. Mutumin Kano in ya ce ɗari, ɗari yake nufi. A kan wannan kaɗai an sha rigima ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Ka kuma tambaya, ladan kamfani na can a cikin kuɗina za a cire ko ka biya?

25/ "Na huɗu, in ta banki za a tura, ko kai ko yaro ko mai POS, suna yana fitowa kafin a danna. Ka ce a karanta maka da ƙarfi. In ba sunan wanda kuka yi magana da shi ba ne, a tsaya. Asusun ƙanena ne, asusun matata ne, nawa ya cika, duk kada ka saurara. Yaron da ya tura mini ya gaya mini sunan daban ne, na ce ya tura. Ka karɓi risit ka adana, kada ka jefar.

26/ "Na biyar, hoton risit a waya ba kuɗi ba ne, yara ma suna iya gyara shi. Kuɗi bai isa ba sai wanda ka aika wa ya ce maka na ƙirga. Ka aika da safe, ranar da ofishi yake buɗe, ka sa ɗan uwanka ya riga ya isa bakin kamfanin da katinsa na ɗan ƙasa. Ka ba da sunansa yadda yake a katin, ba sunan da ake kiransa a gida ba. Ka zauna a shagon har ya karɓa. Mai gaskiya ba zai kore ka ba.

27/ "Lambar karɓar kuɗi kuwa, kai da mai karɓa kaɗai. Ka kira shi ka karanta masa. Kada ka sa a zauren nan, kada ka karanta da ƙarfi a tasha ko a wurin shayi. In kuɗin da yawa, ka raba biyu, sai na farko ya shiga hannu sannan ka saki na biyu. In ta hannun direba ne ko ɗan gari mai komawa, ku ƙirga a gaban shaida, ka kira gida a gabansa ka faɗi adadin.

28/ "Na shida, in an kira ka da baƙuwar lamba an ce ɗanka yana asibiti, ko an kama ƙanenka a iyaka, a turo kuɗi yanzu-yanzu, kada ka yi gardama, kada ka tura. Ka kashe, ka kira gida da lambar da ka sani. In ba ta shiga, ka kira maƙwabci ko limamin gari. Mai cuta gaggawa yake so, don ya san in ka yi minti goma kana tunani ya rasa ka.

29/ "Na bakwai, masu asusu. Babu ma'aikacin banki da zai kira ka ya ce ka faɗi lambar sirrinka, ko lambobin jikin katinka, ko lambar da aka turo maka yanzu a saƙo. Ko ya faɗi cikakken sunanka, ƙarya yake. In wani ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, kada ka dubi saƙon, a duba abin da ke cikin asusun. In da gaske ya shigo, ka je banki su mayar da kansu.

30/ "Na ƙarshe, in abin ya faru, kada kunya ta rufe maka baki. A sa'ar nan za a kira banki, ba gobe ba. Ni kwana uku na yi ina jiran mutumin ya ji tsoron Allah. Ka gaya wa 'yan uwa siffarsa da irin maganarsa, don daga wurinka wurin wani zai tafi. Allah ya tsare mana guminmu, ya kai mu gida lafiya. Wassalam."

31/ Iyakar saƙon ke nan. Sau huɗu muka ɗauka da wayar yaron shagonsa. A na farko muryarsa ta karye daidai wurin adadin kuɗin, muka tsaya ya sha ruwa. Na huɗun muka tura, shi ma akwai ɗan rawar murya a ciki. Na ce mu sake, ya ce a bar shi haka.

32/ Yanzu ga nawa ƙarin, gare mu masu manyan wayoyi, tunda mu ake miƙa wa kuɗin a ce "tura min". Duk kuɗin da ka tura daga wani banki zuwa wani yana da doguwar lamba a jikin risitinsa, ana rubuta Session ID, lambobi 30 ne. Da ita bankuna ke bin sawun kuɗin. Ni ranar da na je banki ko sunanta ban taɓa ji ba. Ka ajiye risitin a wayarka, ka kuma tura wa mai kuɗin ko wani nasa.

33/ Idan ka gane an yi cuta, ka kira layin kula da abokan hulɗa na bankinka nan take, wanda ke bayan katinka ko cikin manhajarsu, ba wanda ka tsinta a ƙarƙashin wani rubutu a nan ba, don a can ma 'yan damfara sun yi layi. Ka ce zamba ce, ka ba da Session ID, adadi, lokaci da lambar asusun da ya karɓa. Ka nemi lambar ƙorafi. Sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda.

34/ Dalilin saurin shi ne, bankin da kuɗin ya shiga yana iya riƙe asusun idan kuɗin yana ciki. Su kuma masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi ya kwana, sukan rarraba shi zuwa wasu asusun ko su cire a POS. Kada in yaudare ku, ko ka yi sauri ba tabbas za a samu. Amma bayan kwana uku kusan babu abin da ya rage a riƙe. Idan kuma banki ya yi mako biyu bai kula ƙorafinka ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, cpd@cbn.gov.ng.

35/ Wani abin da ban yi tunani ba sai daga baya: duk wanda ka tura wa kuɗi da asusunka, sunanka da BVN ɗinka ne a rubuce, ba na mai shayi ba. Haka nan idan wani ya ce ka ara masa asusunka a turo masa kuɗi ya ba ka na kati, ka ƙi. Ina kyautata zaton sunan da na gani a allo ranar nan na wani irina ne da ya ba da aron asusu. Idan bincike ya tashi, ƙofarsa za a fara bugawa.

36/ Kuɗin Baba ba su dawo ba, kada wani ya jira wannan ƙarshen. Abin da ya faru shi ne 'yan garinsu sun yi karo-karo bayan sun ji saƙon, wasu 'yan layinmu suka sa hannu, ni ma na sa abin da na iya daga kuɗin makaranta. Aka haɗa naira 81,000, jaka 30 ke nan a farashin ranar. Bai kai rabin abin da ya tafi ba, amma ya sayi hatsin da zai ɗan ja su.

37/ Wannan karon tare muka je Wapa da ƙarfe goma na safe. Mun tambayi shago uku. An rubuta 81,000 da 30,000 a takarda, da kwanan wata. Ƙanin Baba yana tsaye a Tasawa da katinsa tun kafin mu ba da ko sisi. Muka zauna a benci kusan minti arba'in, har wayar Baba ta yi ƙara, ƙanin ya ce ya ƙirga. Sannan Baba ya miƙe ya yi wa mai shagon godiya.

38/ Bayan kamar wata guda wani yaro ɗan dako daga kasuwar Sabon Gari ya zo shan shayi, ya ce wa Baba wani ya tare shi da farashi mai daɗi, har ya aika masa jaka biyar lafiya, yana ta matsa masa ya kawo babba kafin sallah. Ya ce da ya tuna muryar Baba sai ya ce wa mutumin su je shagonsa a rubuta. Mutumin ya ce yana zuwa. Har yau bai dawo ba.

39/ Har yanzu ni nake tura wa Baba kuɗi idan ta kama. Bambancin kawai, yanzu idan suna bai yi daidai ba ina ajiye wayar a kan benci in ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan danna ba." Ya taɓa jin haushi sau ɗaya, daga baya ya zuba min shayi mai madara bai karɓi kuɗi ba.

40/ Idan akwai mai gadi a gidanku, ko mai kawo muku ruwa, ko mai shayin da kuke zama wurinsa, yawancinsu ba za su taɓa ganin zaren nan ba. Ku ɗauki daga 21 zuwa 30 ku karanta musu, ko ku ba su su faɗa da bakinsu, su canza adadin da farashin zuwa na ranar. Kuma ku tambaye su ta hannun wa suke aikawa gida, da kuma ko mutumin yana da shago.